Wa Zai Zuba Mini Ruwa?

Takardar falle ɗaya ce, gaba da baya, amma sai da na yi kwana huɗu ina fama da ita. A lokacin ina aiki a wani gidan abinci kusa da tasha a Kontagora, ni ce ta biyu a kicin. Ta farko wata dattijuwa ce da muke kira Inna, wadda ta fara tuƙa tuwon sayarwa tun ban san dama da hagu ba. Mai wurin kuwa Hajiya ce, mace mai kirki in ta ga dama, amma in ranta ya ɓaci ko kuda bai isa ya gifta ta gabanta ba. Ita ta tura ni wata bita da 'yan duba-gari suka shirya wa masu sayar da abinci, don duk kicin ɗin ni kaɗai na yi sakandare. Na dawo da ma'aunin zafi mai tsinin ƙarfe, da kai cike da sabon ilimi. Hajiya ta ce in rubuta abin da na koyo da Hausa, yadda duk sabuwar ma'aikaciyar da aka ɗauka za a ba ta nata.

Har yau ina iya karanto ta da ka. Gaban takardar na wanke hannu ne: da sabulu, da ruwa mai gudana, ba a tsoma hannu a kwano ɗaya ba. A cuɗa hannu biyu, gaba da baya, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, har a ƙirga ashirin a tsanake. A wanke bayan an fito daga ban-ɗaki, bayan an taɓa ɗanyen nama ko kaza ko ƙwai, da kafin a taɓa abin da ba za a sake dafawa ba. Kada a goge a haɓar zani. A ƙasa na sa maganar katako da wuƙa: mai jan fenti na ɗanyen nama, mai kore na ganye, kada su haɗu ko a wurin wanki. A firji ɗanyen nama a ƙasa, dafaffe a sama, don kada jini ya ɗiga. Bayan takardar na zafi da sanyi ne. Firji kada ya wuce digiri biyar. Kaza ba ta nuna ba sai tsakiyar cinyarta ta kai saba'in da biyar, kuma kada tsinin ya taɓa ƙashi. Abincin da ke jira a kula kada ya sauko ƙasa da sittin. Wanda ya zauna a fili ya haura awa biyu, ba na mutane ba ne kuma.

Na kai shagon buga takardu aka buga mini, aka manne ɗaya da leda, na kafa ta a bango kusa da murhu. Ba zan ɓoye ba, na ji kaina ya yi girma. Ina wucewa ina satar kallonta. Inna ta tsaya gabanta, ta riƙe ƙugu, ta ce, "'Yar boko, wannan kuma layar mece ce?" Na yi mata bayani. Ta ce shekara talatin tana sanin kaza ta nuna da ƙamshi kawai, yau kuma sai an yi mata allura kamar marar lafiya. Daga ranar sunan ma'aunin ya koma allura. Duk da tsiyar da take yi, ba ta hana ni ba. Kullum kafin a kwashe kaza sai ta ce, "Zo ki yi wa majinyaciyarki allura mu sallame ta."

Bayan kamar wata biyu aka ɗauki sabuwar ma'aikaciya. Daga wani ƙauye ta fito a bayan Kasuwan Garba. 'Yan bindiga sun tashe su, mijinta ya rasu a wannan tashin, ta shigo gari da 'ya'ya uku ta raɓa a ɗaki ɗaya a gidan wata 'yar cocinsu. Bakambara ce, 'yar ƙabilar Kambari, doguwa, ba ta da yawan magana, Hausarta kuma a hankali take fitowa, sai ta auna kalma kafin ta sake ta. Za ta girme ni da shekara biyu ko uku, amma Anti take ce mini, don a kicin ba shekaru ake dubawa ba, ranar shigowa ake dubawa. Mu kuma muka riƙa kiranta Baƙuwa, sunan ya bi ta.

Ranar da ta fara na miƙa mata takardarta. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta, na gane ba ta karatu. Ina cikin sauri, miya na kan wuta, sai na karanto mata sau ɗaya sama-sama, na ce, "Kin ji ko?" Ta ce ta ji. Ta ninke takardar huɗu ta soke a zaninta. A raina na ce an yi asarar kuɗin bugu.

To, akwai yadda muke yi da ruwa a wannan kicin, wanda ban taɓa tsayawa na duba ba, don a cikinsa na tashi. Ba mu da famfo. 'Yan ga-ruwa ke cika mana babban duro a bakin ƙofa, da farar moɗar roba a rataye a jikinsa. Da wannan ruwan ake girki, da shi ake wanke ganye, da shi ake wanke hannu. In Inna za ta wanke hannu, ni nake zuba mata. In ni ce, ta ƙasa da ni take zuba mini. Haka abin yake gangarowa. Babba ba ya zuba wa ƙarami ruwa, wannan ko a gida haka muka gani, ba wanda ya taɓa faɗa da baki. Aikin kaji kuma, figa da feɗe ciki da yayyankawa, na wadda ta zo ƙarshe ne, don ba mai son ƙarni. In ta gama, ita ce dai za ta koma kan kabeji da karas, don shi ma yankan ƙananan aiki ne.

Baƙuwa ta yi sati uku ba a ji kanta da kowa ba. Sai aka ba mu aikin ciyar da wasu malaman makaranta da suka zo bita ta kwana uku daga Bangi da Auna da ƙauyukan kewaye. Abincin rana dafa-duka da kaza da haɗin kabeji. Rana ta farko lafiya, ta biyu lafiya. Safiyar rana ta uku wanda ya ba mu aikin ya iso a kan babur, ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce malamai da dama sun kwana suna amai da gudawa, biyu suna asibiti ana yi musu ƙarin ruwa, kuma kada mu kawo abincin yau. Ya faɗa ne a gaban masu cin abinci, har wani ya ajiye cokalinsa.

Hajiya ta shigo kicin, mayafinta a hannu. Ta ce, "Wa ya kashe ni?" Ba wanda ya ɗago kai. Inna ta ce ita dai tunda take ba a taɓa cin abincinta aka kwanta ba, sai yanzu da aka fara kwaso mutane daga daji. Ba ta kira suna ba, amma duk muka juya muka kalli Baƙuwa. Tana tsugune gaban roba tana wanke tukunya, ta ci gaba da wankinta. Hajiya ta ce, "Ranar Juma'a ki karɓi haƙƙinki, Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Ranar Laraba ce. Kwana biyu ke nan suka rage mata, kuma duk mun san wannan aikin ne kaɗai abin da 'ya'yanta suke ci.

Ni ma a lokacin na yarda ita ce, kuma ina da hujjata. Da hannuna na yi wa kajin nan allura a kowace rana, duk sun haura saba'in da biyar. Shinkafar na auna ta a kula kafin a ɗora a keke, na sake aunawa a wurin rabo, ba ta sauko ƙasa da sittin ba. Ba a ɗauke wuta a kwanakin ba, firji yana kan huɗu. Abu ɗaya ne a farantin da wuta ba ta gani ba, shi ne kabejin. Kabejin kuwa ita ta yanka, bayan ta gama da kaji. Abin ya ƙona mini rai, don takardata ce aka watsa wa ƙasa a ido. Inna har ta fara cewa ga laya a bango ga mutane a asibiti.

Da la'asar na same ta a bayan kicin tana shanya tsummoki. Ina da baki, na sani, mahaifiyata ma ta sha faɗa mini. Na sauke mata kwandon masifa. Na ce na ba ta takarda, na karanta mata, ta soke a zani kamar goro. Na ce ƙazanta ba talauci ba ce, hali ce. Na faɗi wasu maganganun da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ta bar ni na gama. Sannan ta zaro takardar daga zaninta, ta yi laushi, ninkin har ya fara yagewa. Ba ta buɗe ba. Ta riƙe ta a hannu ta fara karantowa da ka.

Ta fara daga sabulu da ruwa mai gudana. Ta bi ta kan yatsu da farce da ƙirga ashirin. Ta faɗi jan katako da kore, ta faɗi nama a ƙasa dafaffe a sama. Ta juya takardar a hannunta, ba tare da ta kalla ba, ta kawo biyar, da saba'in da biyar, da sittin, da awa biyu. Ko kalma ɗaya ba ta tsallake ba, har da inda na yi kuskuren maimaita "kuma" sau biyu. Ashe matar da ta ba ta masauki take karanta mata kowace yamma, ita kuma tana bi, har ta haddace.

Ta ce, "Anti, takarda ta ce hannu biyu a cuɗa. Ta ce ruwa yana zuba."

Na ce, "Haka ta ce."

Ta ce, "To wa zai zuba mini?"

Ta ce a satinta na farko ta roƙi Inna ta zuba mata, Inna ta ce ko a garinsu haka ake yi, yaro ya aiki babba? Baƙuwa ta ce ta roƙe ni ni ma, ranar da ake soya miya. Wallahi na manta, sai da ta faɗa na tuna. Ko juyowa ban yi ba na ce mata, "Ni sa'arki ce?" Tun daga nan ba ta sake tambayar kowa ba.

Na ce ta nuna mini yadda take yi. Muka je bakin duro. Ta kama moɗa da hannun dama, ta tsoma cikin duro ta ɗebo, ta zuba wa hagu. Ta ajiye, ta shafa sabulu, ta cuɗa tana ƙirgawa da yarensu har ashirin. Ta sake kama moɗar da hannu mai kumfa, ta tsoma, ta ɗauraye wannan, ta sauya hannu ta ɗauraye wancan. Ta rataye moɗar. Duk abin da mutum ɗaya zai iya yi ta yi. Amma kamun farko da hannun kaza ta yi shi, kuma da wannan hannun moɗar ta shiga cikin ruwan. Kamun ƙarshe kuma, da hannunta mai tsabta ta sake riƙe mariƙin da ta ɓata. Bayan ita, kowa a kicin zai zo ya kama wannan moɗar. Da ruwan duron nan muke ɗauraye kabeji.

Ni na rubuta "ruwa mai gudana" ina zaune a kan kujera, na kwafo daga bakin malamin bita wanda yake da famfo a ofishinsa. Ban taɓa tambayar kaina daga ina ruwan zai gudano wa wadda ba ta da na ƙasa da ita ba. Na ce, "Ki yafe mini." Ta ce ba komai, ta koma wurin shanyarta.

Sanin gaskiya daban, sa Hajiya ta janye magana daban. Hajiya ba ta son a ce ta yi kuskure, Inna kuwa gara ta haɗiye garwashi. In na je da baki kawai, za su ce 'yar boko ta zo da wani sabon karatu. Sai na tuna a wurin bita malamin ya shafa wa hannunsa wani gari mai ƙyalli ya gaisa da mutum ɗaya, kafin a tashi kowa yana ƙyalli. Ba ni da irin garinsa, amma ina da kurkum, kuma duk macen da ta taɓa girki ta san in ya kama abu ba ya saki da wuri.

Ranar Alhamis da safe na riga kowa zuwa. Da aka kawo kajin ranar a yanke, na fige su na feɗe da kaina, na kwaɓa kurkum da man gyaɗa mai yawa na mulke su ciki da waje, suka yi rawaya shar. Na ce wa Baƙuwa ta yi aikinta yadda ta saba, kada ta canza komai. Na ɗebi ruwan girki da na wanke ganye a wasu bokitai daban tun kafin a fara, na rufe, na ce yau ni zan yanka kabeji da kaina. Inna ta ga kajin ta ce, "Yau kuma biki ake yi musu?" Na ce sabon haɗi nake gwadawa. Na je na sami Hajiya a gaba, na durƙusa, abin da ban saba ba, na ce ina roƙon ta shigo kicin ƙarfe sha ɗaya ta ba ni minti goma. Ta ce in dai maganar matar nan ce in tashi. Na ce maganar gidan abincinta ce, don in ba a gano inda cutar take ba, ko an kori mutum goma za ta dawo. Sai ta ce za ta zo.

Awa biyun da suka rage kafin sha ɗaya ban san yadda na yi su ba. Ina yanka albasa ina leƙen duro. In abin bai fito ba, na zama abin dariya, ita kuma gobe ta tafi.

Sha ɗaya ta yi, Hajiya ta shigo. Na ce kowa ya ajiye abin da yake yi. Mu shida ne. Na ce, "Hajiya, yau mutum ɗaya ce ta taɓa ɗanyar kaza a kicin ɗin nan bayan ni da na shafa musu kurkum, ni kuma a gabanku na wanke hannu aka zuba mini. Duk inda kika ga rawaya, to ruwan kaza ya je wurin." Na ciro moɗar na miƙa mata. Mariƙin ya yi rawaya kamar an rina. Na buɗe duron, ga maiƙo rawaya yana yawo a saman ruwan. Na nuna mata mariƙin firji, da murfin kula, da bakin kwanon gishiri. Hajiya tana bi da ido.

Sai na ce, "Inna, don Allah buɗe hannunki."

Ta ce, "Ke, kiyaye ni. Ni na taɓa kaza?"

Na ce, "Ba ki taɓa ba. Shi ya sa nake so a gani."

Ta buɗe don ta ƙaryata ni. Tafin hannunta na dama, daga gindin yatsu zuwa tsakiya, rawaya ne. Ta ɗebi ruwa da moɗar sau biyu da safen. Ta kalli hannun, ta kai shi ga haɓar zaninta za ta goge, sai ta ga haɓar ma ta riga ta yi rawaya. Sauran mata uku kowacce ta duba nata, biyu suka samu. Wata ta fara dariya ta toshe baki. Hajiya ta duba nata hannun da ta karɓi moɗa da shi yanzun nan, ta ce, "Inna lillahi."

Na faɗa musu duka. Na ce ban ga ƙwayar cuta da idona ba, ba kuma zan rantse cewa ga hanyar da ta bi ranar ba, amma ga hanya a buɗe kowa ya gani, kuma mu muka buɗe ta. Na ce matar nan ta haddace takardar da ni mai rubutawa sai na duba bango. Ta roƙi a zuba mata ruwa, Inna ta hana, ni ma na hana. Na ce in korar mai laifi za a yi, to a fara da ni, don ni na rubuta doka ban ba da hanyar bin ta ba.

Hajiya ta juya wurin Baƙuwa ta ce, "Da gaske kin haddace?" Ta ce e. Hajiya ta ce ta karanto. Ta tsaya a tsakiyar kicin, hannayenta rawaya har wuyan hannu, ta karanto tun daga sabulu har awa biyu. Da ta gama, Hajiya ta gyara mayafinta ta ce, "Maganar Juma'a babu ita." Ta ce a zubar da ruwan duron a wanke shi da sabulu da ruwan zafi, a jefar da moɗar, gobe kuma za ta aika kasuwa a sayo bokiti mai famfo guda biyu. Daɗi ya kama ni. Na so in yi guɗa, na daure saboda Inna.

Amma bokiti sai gobe, aiki kuwa yau ne. Ga Baƙuwa tsaye da hannun kaza, ga tukwane suna jira. Aka tsaya kallon-kallo. Na ɗauko buta, na cika daga bokitin da na rufe, na ce, "Zo, Yaya." Ban shirya kiranta haka ba, fitowa kawai ya yi. Ta matso ta sunkuya, ta miƙo hannu, na fara zubawa.

Ban kai ko'ina ba na ji an fizge butar. Inna ce. Ta ce, "Ba ni nan. Ji yadda kike kwarara ruwa kamar na ubanki ne. Ko zuba ruwa ba ki iya ba, sai rubutu." Ta sa aka zuba mata ta wanke nata hannun tukuna, da sabulu, ta sa na ɗauraye mariƙin butar. Sannan Inna, tsohuwar da ta yi jika da wasunmu, ta tsaya a kan Baƙuwa, ta karkata buta tana zuba siririn ruwa. Ta ce, "Cuɗa. Tsakanin yatsun fa. Nawa ne ma ƙirgen?" Baƙuwa ta ce ashirin. Inna ta ce, "To ƙirga da ƙarfi in ji, kada ki cuce ni." Ta ƙirga da yarensu, Inna tana gyaɗa kai kamar tana ganewa. Ba ta ba ta haƙuri da baki ba, kuma ba wanda ya sa ran za ta yi. Da aka kwashe abincin rana dai na ga ta tsamo cinya guda ta ɗora a kan kwanon Baƙuwa.

Washegari bokitan suka iso. Muka ajiye ɗaya a wurin gyaran kaji, ɗaya a bakin ƙofa, kowanne da sabulunsa da robar tarar ruwa a ƙasa. Duro aka yi masa sabuwar moɗa mai dogon mariƙi, ba mai taɓa ta sai da wankakken hannu. Aikin kabeji aka raba shi da na kaji, mai yin wannan ba ta yin wancan a rana ɗaya. Hajiya da kanta ta je asibiti ta duba malaman nan biyu, sun samu sauƙi an sallame su. Wanda ya ba mu aikin ya daɗe yana fushi, amma da wata bitar ta zo bayan damina, mu ya sake kira.

Na cire takardar bango na koma shagon bugu. Na ƙara layi ɗaya a can sama, kafin maganar sabulu: "In babu famfo, mai tsabtar hannu shi ke zuba wa mai wankewa, babba ne ko ƙarami. In an roƙe ki ruwa, ki ajiye abin da kike yi ki zuba." Mai shagon ya ce layin ya sa rubutun ya matse, ko a cire shi? Na ce ya cire sunana da ke ƙasa in wuri yake nema.

Ban ƙara karanta wa sabuwar ma'aikaciya takardar nan ba. Hajiya ta ce Baƙuwa ce za ta riƙa yi, tunda ita ba ta buƙatar dubawa. Na sha tsayawa daga bakin murhu ina jin ta. Takan zaunar da sabuwar a kan benci, ta ba ta takardarta a hannu, ta karanto mata a hankali, ta kai ta ta nuna mata jan katako da kore, ta sa ta riƙe allura ta soka a cinyar kaza ta karanta lambar da kanta. In sun gama sai ta kai ta bakin ƙofa. Ga bokiti mai famfo a wurin, cike da ruwa, amma ranar farko ba ta bari a buɗe shi. Buta take ɗaukowa, ta ce wa sabuwar, "Miƙo hannunki, ni zan zuba miki."